Me Ya Sa Ƙaramar Kyamara Ke Ɗaukar Zafi Ta Mutu Ana Tsaka da Ɗauka?

Ƙananan kyamarorin nan da ake ɗaurawa a hular kwano, a ƙirji, ko a kan babur, irin su GoPro da DJI Osmo Action da Insta360, sun shiga hannun jama'a sosai. Mai ɗaukar biki yana da ita, mai yawon buɗe ido yana da ita, matasan da ke ɗaukar wasan ƙwallo a filin unguwa ma haka. Kuma kusan kowa da koke ɗaya yake zuwa: an kafa kyamara, an danna, an koma gefe, ko da aka dawo sai a tarar ta mutu tun tuni, jikinta ya yi zafin da ba a iya riƙe ta da daɗi. Mai ita sai ya ce an sayar masa da lalatacciya.

A mafi yawan lokuta lafiyarta ƙalau. Aikin da aka ba ta ne ba don shi aka ƙera ta ba.

Kyamarar nan ba ta da fanka a ciki, ba ta kuma da wata kafa da iska za ta shiga, domin an toshe ta ruf saboda ruwa. Sababbin GoPro suna iya nutsewa har mita 10 ba tare da wani kwanso ba. To, abin da ya hana ruwa shiga shi ne ya hana zafi fita. Hanya ɗaya ta rage wa zafin, wato ya ratso ta jikin kyamarar ya isa waje, iska ta kwashe shi. Masu ƙera ta sun yi lissafinsu a kan cewa tana kan babur mai gudu, ko tana cikin ruwa, ko tana kan mai gangarowa daga dutsen ƙanƙara, inda iska ke bugun ta ba ƙaƙƙautawa. Da GoPro ta fito da HERO10 a watan Satumba na 2021, koke-koken zafi suka yi yawa, sai kamfanin ya fito ya yi bayani. Ya ce kashi 75 cikin 100 na bidiyon da ake ɗauka da kyamarorinsa ba ya kai minti ɗaya da daƙiƙa goma, kuma HERO10 tana iya yin kimanin minti 20 a kan 5.3K da firem 60 in babu iska ko kaɗan. Ma'ana, tun daga masana'anta an san cewa wanda ya dasa ta wuri ɗaya a kan mafi girman saiti ba zai kai rabin awa ba. Bayan 'yan makonni kamfanin ya fitar da sabunta manhaja mai ɗauke da wani yanayi na musamman don kyamarar da ke tsaye wuri ɗaya, wanda ke kashe wasu ayyuka don ta daɗe.

Daga ina zafin yake zuwa

Batirin GoPro daga HERO9 zuwa HERO12 yana da ƙarfin 1720 mAh, wanda ya yi daidai da wat shida da ɗoriya na tsawon awa ɗaya. A kan babban saiti batirin yakan ƙare cikin kusan awa guda. Ke nan kyamarar tana shan wuta kimanin wat shida, kuma kusan duk wutar nan zafi take komawa a cikin akwatin da bai wuce santimita 7 a faɗi da 5 a tsawo ba. Wat shida ba komai ba ne ga talabijin, amma ga abin da ke shiga tafin hannu ya ɓace, kaya ne mai nauyi.

Sai kuma rana, wadda mutane suka fi mantawa da ita. Da tsakar rana, hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya yana kai kusan wat dubu. Fuskar kyamarar ba ta wuce murabba'in santimita 36 ba, don haka in rana ta same ta sosai tana zuba mata kimanin wat uku zuwa uku da rabi. Jikinta baƙi ne, yana shanye mafi yawansa. Wato rana kaɗai tana ƙara wa kyamara kusan rabin zafin da ita kanta ke haifarwa, ba tare da an canza saiti ko ɗaya ba.

Abu na uku shi ne zafin iskar wurin, kuma a nan ne mazauna ƙasashen zafi suka fi shan wahala. Zafi yana fita daga jikin abu ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafinsa da na iskar da ke kewaye da shi. Mu ƙaddara jikin kyamara ya kai digiri 55. In iskar wurin digiri 25 ce, tazarar 30 ce. In iskar 40 ce, tazarar ta koma 15, wato rabin zafin da ya kamata ya fita ne kawai ke fita. GoPro ta rubuta cewa iyakar zafin wurin da kyamarorinta na baya-bayan nan za su yi aiki shi ne digiri 35. DJI ta rubuta 45 ga Osmo Action 3 da 4, Insta360 kuma 40 ga Ace Pro. Wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya san cewa 40 a inuwa abin yau da kullum ne. Mai GoPro a bazara ya riga ya tsallake iyakar da kamfanin ya shata tun bai danna komai ba.

Idan zafin da ke shiga ya fi wanda ke fita, na ciki sai ya yi ta taruwa har ma'aunin da ke cikin kyamarar ya ga an kai iyaka. Sai ta adana abin da ta ɗauka, ta kashe kanta. Wannan kariya ce, musamman ga batir, domin batirin litiyam ba ya shiri da zafi: yana tsufa da wuri, yana kumbura, in abin ya yi tsanani ma yana iya kamawa da wuta.

A fara tabbatarwa zafin ne

Kafin a sayi laima ko fanka, a tabbatar da mai laifi, domin abubuwa uku ne ke tsayar da ɗauka kuma daga nesa duk kamarsu ɗaya: zafi, katin memori, da batir. Jin cewa kyamara ta yi zafi ba hujja ba ne. Kowace irin wannan kyamara tana zafi in tana aiki, hasali ma jikin da ya yi zafi alama ce ta cewa zafin yana fitowa.

Zafi yana da sawu a fili. Kyamarar takan nuna alamar ma'aunin zafi a allo tare da gargaɗi kafin ta mutu. Lokacin mutuwar yana da tsari: yau minti 25, gobe a irin wannan wuri da wannan saiti minti 23 ko 27. Da safe takan daɗe, da azahar ta gajarce. In kuma aka sake kunna ta nan take ba a bari ta huce ba, zangon na biyu ya fi na farko gajarta ƙwarai, saboda daga zafi ta tashi.

Katin memori ba ya bin wannan tsari. Zai iya tsayar da ɗauka a minti na biyu ko na arba'in, kyamara tana da sanyi ko tana da zafi, kuma galibi ba ta mutuwa, ɗaukar ce kawai ke yankewa, allo ya nuna `SD ERR` ko wani saƙo makamancinsa. Dalilin shi ne gudu. A kan babban saiti kyamara tana zubo bayanai kimanin megabit 100 a daƙiƙa, wato megabayit 12.5, kimanin gigabayit 45 a awa. Katin da aka rubuta wa V30 a jiki ya yi alkawarin rubuta megabayit 30 a daƙiƙa ba tare da ya sassauta ba, shi ya sa kamfanoni ke cewa a nemi V30 ko U3. Amma rubutun jikin kati ba rantsuwa ba ne. Jabun kati ya cika kasuwa, wani an rubuta masa 128GB alhali cikinsa bai kai kwata ba, zai yi ta karɓar bidiyo kamar gaske, sai an zo kallo a tarar fayil ba ya buɗewa. Akwai ƙaramar manhajar kwamfuta mai suna H2testw da ke cika katin da bayanai ta sake karantawa, ta faɗi ainihin girmansa da gudunsa. A kwashe abin da ke kan katin tukuna, a gwada shi, sannan a goge shi daga cikin kyamarar kanta ta hanyar `Format SD Card`.

Batirin da ya gaji kuwa, lissafinsa ne ke tona shi. Yana nuna kashi 40, can sai ya faɗo 5, ko kyamara ta ɗauke ɗif babu gargaɗi. In yana cijewa wajen fita daga raminsa, ko aka ajiye shi a kan tebur yana lilo maimakon ya kwanta daram, ya kumbura. Irin wannan ba a lallaɓa shi, ba a kuma sake yi masa caji.

Akwai kuma abubuwa biyu da ke tayar da hankali a banza. Allon kyamara yana dusashewa da kansa bayan minti ɗaya ko fiye don tattalin wuta, amma ɗauka tana ci gaba, jan fitilar da ke ƙyaftawa ita ce shaida. Sannan GoPro tana yanka dogon bidiyo gunduwa-gunduwa, sai ka ga `GX010123.MP4` da `GX020123.MP4`. Lambobi huɗu na ƙarshe iri ɗaya ne domin bidiyo ɗaya ne, kashi na farko da na biyu. Ba tsayawa ta yi ba.

Gwajin da ke raba gardama ba ya cin ko kwabo. A cika batir, a ajiye kyamara a ɗaki a kan saitin da ta saba mutuwa, a duba agogo, a ga minti nawa za ta yi. A bar ta ta huce sosai, a sake cika batir, a maimaita, amma wannan karon a juyo mata fanka. In da fanka ta yi aiki har batir ya ƙare, zafi ne. In da fankar ma ta tsaya, a koma kan kati da batir.

Wasan ƙwallo na minti casa'in

Mu ɗauki misalin matashin da aka ba aikin ɗaukar wasan ƙwallo a filin makaranta a watan Afrilu. Za a take wasa ƙarfe huɗu na yamma, iska tana digiri 39, kyamararsa HERO11 ce a kan sanda mai ƙafa uku a gefen fili. Abin da yake buƙata shi ne zango biyu na minti 45 da 'yan ƙarin mintuna, da hutun minti 15 a tsakani. In ya kafa ta a rana a kan 5.3K da firem 60, ya haɗa ta da wayarsa yana kallon hoton, to ko rabin zangon farko da ƙyar zai gani.

Abin da zai fara gyarawa ba ya cikin kyamarar. Tun daga gida, kada ta yi tafiya a gaban gilashin mota ko a cikin baƙar jaka da rana ke duka, domin kyamarar da ta iso fili da zafinta ta riga ta ci rabin guzurinta. Kada kuma ya kunna ta yana gwaje-gwajen kusurwa na minti ashirin kafin a fara. Ya saita, ya kashe, sai alƙalin wasa ya kusa hura usur.

Sai inuwa. Ƙaramar laima da aka ɗaure a jikin sandar ta wadatar, ko farin kwali da aka kafa a sama da kyamarar da tazarar kamar yatsu huɗu. Tazarar nan tana da muhimmanci, domin ƙyallen da aka lulluɓa a kan kyamara bargo ne, ya tare rana amma ya tare iska. Da yamma rana daga yamma take dukan abu a kaikaice, don haka inuwar ta karkata can. In ya zaɓi gefen filin da rana za ta kasance a bayansa, hoton ma ya fi kyau, kuma ya fi sauƙin kare kyamarar ba tare da laimar ta shiga hoto ba. Duk abin da ya rufe jikinta ya cire: rigar roba, firem ɗin filastik, balle kwanson nutso da aka yi don zurfin mita 60, wanda a doron ƙasa tanda ce kawai.

Bayan inuwa sai iska. 'Yar fankar hannu mai caji, irin wadda ake sayarwa a bakin titi, in aka ɗaure ta a sandar tana hura bayan kyamarar da gefenta, tana mayar mata da abin da masu ƙera ta suka ɗauka za ta samu a kan babur. A ganina wannan ce dabarar da ta fi kowace biya idan aka kwatanta da kuɗinta. Aibinta ɗaya, makirfon zai ɗauki ƙarar fankar, don haka a hura daga gefen da ba ya fuskantar kafofin makirfo, ko a ɗauki sauti da wata na'ura daban.

Yanzu ne za a shiga saiti, kuma a nan lissafi yana taimakawa. Hoton 5.3K yana da fiksel kusan miliyan 16. A firem 60, kyamara tana sarrafa fiksel miliyan 950 a kowace daƙiƙa. Hoton 4K yana da miliyan 8.3, a firem 30 ya zama kusan miliyan 250, wato kwatan aikin farko. Zafin ba zai ragu zuwa kwata ba, saboda akwai sassan da ke shan wutarsu ko da wane saiti, amma raguwar tana da yawa. Wani abin sha'awa, 2.7K a firem 60 da 4K a firem 30 kusan nauyinsu ɗaya. Don haka zaɓin matashin nan ya danganta da abin da ake so da bidiyon. In koci ne zai kalla don ya ga tsayuwar 'yan wasa daga nesa, 4K a firem 30 ya fi, domin ana iya zuƙo hoton. In kuma ana son a rage gudun bidiyo a nuna yadda aka ci ƙwallo, 2.7K a firem 60 ya fi. Wanda ya sa `Anti-Flicker` a kan 50Hz, kamar yadda wutar Najeriya da Nijar take, zai ga 25 da 50 a madadin 30 da 60, wannan ma ƙarin sauƙi ne ga kyamarar. Gaskiyar magana, yawancin irin wannan bidiyo a waya za a kalle shi bayan WhatsApp ya matse shi, inda ko 1080 ya isa.

Daga nan sai ya kashe duk abin da ba ya yi masa aiki. `HyperSmooth` yana lissafi ne don gyara girgiza, kyamarar da ke kan sanda kuwa ba ta girgiza. `GPS` ba shi da amfani ga abin da ba ya motsi. Haɗin waya ta Wi-Fi yana cikin masu kawo zafi, don haka da ya gama daidaita hoto ya yanke shi. Allon gaba a kashe, na baya a rage masa haske a sa ya dusashe bayan minti ɗaya. `Bit Rate` a mayar da shi `Standard`, `10-Bit` a kashe. Akwai kuma `HindSight`, wanda ke ɗaukar bidiyo a ɓoye don ya adana daƙiƙun da suka gabaci danna maɓalli. In yana kunne, kyamarar aiki take yi ko da mai ita yana ganin tana hutawa.

Maganar batir da fawabank

Ko babu zafi, batir ɗaya da ƙyar zai kai ƙarshen wasan, don haka dole a yi tanadi. Hanya mai sauƙi ita ce batir biyu: a hutun rabin lokaci a kashe kyamara, a buɗe ƙofarta, a zare batirin da ya yi zafi, a bar ramin a buɗe a gaban fanka, sannan a sa wanda ya kwana a inuwa. Batir mai sanyi yana shanye wani kaso na zafin cikin kyamarar.

Hanya ta biyu ita ce a cire batirin gaba ɗaya a ba ta wuta daga fawabank ta kebul ɗin USB-C. Wannan yana fitar da tushen zafi guda daga cikinta, ya bar sarari, ya kuma kawar da ɓangaren da ya fi tsoron zafi. Fawabank mai 10,000 mAh zai riƙe ta awa huɗu zuwa biyar. Sai dai ya kasance yana ba da aƙalla 5V 2A, kebul ɗin kuma gajere ne mai kauri, in ba haka ba kyamarar za ta yi ƙorafin ƙarancin wuta ko ta mutu. Haɗarin hanyar nan a fili yake. Babu batir a ciki, in wani yaro ya ja kebul, ko ƙwallo ta bugi sandar, wuta ta yanke nan take, fayil ɗin da ake rubutawa yana iya lalacewa. Kyamarar takan yi ƙoƙarin gyara shi in an sake kunna ta, amma ba kullum take dacewa ba. Don haka a naɗe kebul a jikin sanda a ɗaure shi da salatif, fawabank ɗin kuma a rataye shi a inuwa, shi ma litiyam ne. Sannan ƙofar da ke buɗe tana shigar da ƙura da ruwa. Ana sayar da ƙofa mai kafar kebul don irin wannan aiki.

In duk da haka ta mutu, kada a yi gaggawar kunnawa. A kai ta inuwa, a zare batir, a ba ta minti goma a gaban fanka. Ruwa ma yana aiki, amma sai ƙofa tana rufe gam. Ɗan tsumma mai laima da aka ɗora a samanta da gefenta, ba a kan gilashi ko makirfo ba, yana sanyaya ta kamar yadda raɓar jikin randa ke sanyaya ruwan ciki, kuma busasshiyar iskar bazara ta fi dacewa da wannan. Firiji da ƙanƙara kuwa a guje su. Sanyin farat ɗaya yana sa raɓa ta taru a cikin gilashin, hoto ya yi hazo, wani lokacin har laimar ta taɓa sassan lantarki. Batirin da aka zare da zafinsa shi ma a bari ya huce kafin a sa shi caji.

Akwai ranar da dabara ba ta isa ba. In iska ta haura 42, an yi inuwa, an yi fanka, an sauko da saiti, tazarar da zafi zai bi ya fita ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Masu wannan sana'a sukan riƙe kyamara biyu suna karɓa-karɓa, ko su yanka ɗaukar zango-zango a duk inda aka samu tsaiko, ko su mayar da aikin da za a iya mayarwa zuwa safiya. Wanda aikinsa kullum dogon ɗauka ne a tsaye, kamar lacca ko taro, ya kamata ya duba iyakar zafin da aka rubuta wa kyamara kafin ya saya, ko ma ya nemi kyamarar bidiyo ta ainihi mai babban jiki.

Lalacewar gaske tana da nata alamomin. Kyamarar da ke ɗumi alhali a kashe take, ko batirinta ke zubewa cikin dare ba a taɓa ta ba, ko take mutuwa cikin 'yan mintuna a kan 1080 a ɗaki mai sanyi da sabon batir da katin da aka gwada, ita ce ake tuhuma. A fara sabunta manhajarta, a mayar da saitinta yadda ya fito daga masana'anta ta `Factory Reset`, a sake gwajin fanka. In ba ta canza ba, a mayar wa wanda ya sayar tun garanti bai ƙare ba, kuma kada a bari a ɓalle ta a shago, domin da zarar an buɗe jikinta, toshin da ke hana ruwa shiga ba ya komawa yadda yake.